Maganar Wa Ce Wannan? Yadda Ake Ɗauko Ra'ayin Masana Zamantakewa Ba Tare da Sata Ba

A unguwar Sabo da ke Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, an ga wani sauyi a farkon shekarun 1950. Cikin ɗan lokaci kaɗan mafi yawan mazan unguwar suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari inda suke sallar Juma'a tare da Yarabawa, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa. Shekara goma bayan haka wani manazarci mai suna Abner Cohen ya je Sabo ya yi bincike tsakanin 1962 da 1963, sannan a 1969 ya fitar da littafinsa, Custom and Politics in Urban Africa.

Abin da Cohen ya ce ya fahimta shi ne, Hausawan Sabo sun riƙe cinikin nesa na shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Wannan ciniki kuwa da bashi da amana yake tafiya. Goro ba ya jira, shanun Arewa ba sa daɗewa da lafiya a ƙasar da ƙudan tsando yake, mahautan da ke saye kuma sau da yawa sai sun sayar da nama suke biya. Saboda haka ana bukatar masu gida da dillalai waɗanda suka san juna, kuma akwai wanda zai iya tsawata musu. A zamanin Turawa hukuma ce ke mara wa Sarkin Sabo baya. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, wannan goyon baya ya yi rauni, sai ɗariƙa ta zama sabuwar igiyar da ta ɗaure mutanen unguwar wuri ɗaya, ta kuma bambanta su da maƙwabtansu.

Mai karatu ya lura da bambancin sakin layin nan biyu. Na farko labarin abin da ya faru ne. Na biyu fassarar mutum ɗaya ce game da dalilin faruwarsa. Dattijon da ya karɓi wuridi a Sabo a wancan lokaci, in da za a tambaye shi, zai ce don Allah ya yi, ba don goro ba. A ilimin zamantakewa irin wannan fassarar ita ce hajar malami, ita ya sha rana ya samo, kuma ita ce aka fi sacewa. Duk abin da za a faɗa a nan game da sake tsara maganar wani da ambaton madogara, kansa ɗaya ne: a kowace jimla ta muƙala, mai karatu ya iya gane maganar wa yake ji.

Mu ɗauki ɗaliba da aka ba jinga kan ƙabilanci a birane, ta samu littafin Cohen a ɗakin karatu. Don a ga aikin a fili, ga wata jimla da na tsara da kaina bisa ra'ayin littafin. Ba kalmomin Cohen ba ne, amma mu ƙaddara ita ɗalibar ta tarar a shafi:

"Yayin da goyon bayan hukumar mulkin mallaka ya janye daga Sarkin Sabo, mazauna unguwar sun rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta samar musu da sabon tsarin shugabanci da ya kare ikonsu a kan cinikin shanu da goro."

Abin da yawancin ɗalibai ke fara yi shi ne su ajiye jimlar a gabansu, su bi ta kalma bayan kalma suna musanyawa. Sai a samu wani abu kamar haka: "Lokacin da tallafin gwamnatin Turawa ya gushe daga Sarkin Sabo, mutanen unguwar sun karɓi ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta ba su sabon salon jagoranci da ya tsare ƙarfinsu a kan kasuwancin shanu da goro." Kusan kowace kalma an taɓa ta. "Yayin da" ta koma "lokacin da", "goyon baya" ya koma "tallafi", "shugabanci" ya koma "jagoranci". Amma ginin jimlar bai motsa ba. Inda ta fara nan ta fara, inda ta karya kwana nan ta karya, inda ta tsaya nan ta tsaya. Wata malamar koyar da rubutu a Amurka, Rebecca Moore Howard, ta yi nazarin wannan ɗabi'a a farkon shekarun 1990, ta kwatanta ta da yin faci, ta kuma nuna cewa sau da yawa ba mugun nufi ke jawo ta ba, rashin gane abin da aka karanta ne. Gaskiya ta faɗa. Sai dai dokokin jami'o'i da yawa ba sa duba niyya, kuma ko da ɗalibar ta liƙa sunan Cohen a ƙarshen wannan jimla, ba ta fita ba. Sunan ya shaida cewa ra'ayin nasa ne, amma rashin alamar zancen wani yana shaida cewa tsarin maganar nata ne, alhali ba nata ba ne.

Malami yana gane irin wannan rubutu tun kafin ya buɗe wata na'ura. Murya ce ke canzawa. Ɗalibar da ke rubuta gajerun jimloli a shafi na ɗaya, sai ga ta a shafi na biyu da doguwar jimla mai rassa uku. Wani lokaci kuma musanyar kalma kan haifar da shirme, domin kalmomin da ƙamus ya jera wuri ɗaya ba ma'anarsu ɗaya ba. "Iko a kan ciniki" da "ƙarfi a kan kasuwanci" sun yi kama, amma na farko yana nufin wa ke da ta cewa, na biyu bai faɗi komai ba sosai.

Kuskure na biyu ya fi wayo. Ɗalibar ta gane maganar sarai, ta rufe littafi, ta rubuta da bakinta: "Ɗariƙa ce ta maye gurbin sarauta a Sabo. Da Turawa suka saki hannun sarkin unguwa, sai 'yan kasuwa suka samu wata hanyar haɗa kai a zawiyya, ciniki bai kuɓuce musu ba." Jimla ce mai kyau, babu na'urar da za ta kama ta, kuma sata ce tsagwaronta, domin babu sunan mai ra'ayin. Mutane da yawa suna zaton sata a kalmomi kawai take. A fannin zamantakewa kalmomi su ne mafi arha. Abin da ke da tsada shi ne haɗa abu biyu da ba wanda ya haɗa su a da, wato a ce janyewar hukuma ce ta sa ɗariƙa ta bunƙasa. Ɗalibar ba ta je Sabo ba, ba ta zauna da masu gida ba, amma ta rubuta kamar ita ta gano.

Akwai wata ɓarna a nan wadda ba a cika ambata ba. Da aka cire sunan Cohen, fassararsa ta rikiɗe ta zama gaskiyar da babu jayayya a kanta. Mai karatu ba zai san cewa ra'ayin mutum ɗaya ne da za a iya ƙalubalanta ba. Ita ma ɗalibar ta toshe wa kanta hanya, domin ba za ta iya dawowa a sakin layi na gaba ta ce ba ta gamsu ba. Da wa za ta yi musu, tunda ta riga ta mayar da maganar tata?

Kuskure na uku, a wurina, shi ne mafi muni ko da yake ba a kiransa sata. An sa sunan, an canza kalmomi, amma an yi wa mai magana ƙari: "Cohen ya tabbatar da cewa Hausawan da ke zaune a Kudu suna shiga ɗariƙa ne don neman kuɗi." A dubi abin da aka yi a jimla ɗaya tak. Unguwa guda ta zama Kudu baki ɗaya. Abin da ya faru a shekarun 1950 ya zama hali na kullum. Bayani kan yadda al'umma ke tsara kanta ya zama zargin abin da ke zuciyar mutum, alhali Cohen yana magana ne kan aikin da ɗariƙa ta yi wa unguwar, ba kan niyyar wane da wane ba. Sannan "ya tabbatar" ta hau inda "yana ganin" ya kamata ta zauna. Binciken zamantakewa kullum yana da iyaka: waɗanne mutane, a ina, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi marubucin ya faɗa. Wanda ya sake tsara magana ya zubar da waɗannan iyakoki, ya sa wa malami abin da bai ce ba, ya kuma buga sunansa a kai a matsayin shaida.

To yaya ake yi? Aikin yana farawa tun kafin a ɗauki biro. Kada a karanta jimla ɗaya, a karanta sashen gaba ɗaya, daga inda marubucin ya ɗauko hujjar zuwa inda ya sauke ta. Sannan a rufe littafin, rufewa ta gaske, ba a sa yatsa a tsakiya ba. A takarda daban a amsa tambayoyi da gajerun kalmomi, ba cikakkun jimloli ba. Su wa ake magana a kansu? Hausawan Sabo, Ibadan. Yaushe? Farkon shekarun 1950. Me ya ce ya jawo me? Raunin sarauta, bukatar amana a ciniki, ɗariƙa. Da me ya kafa hujja? Zama a unguwar, 1962 zuwa 1963. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ake mantawa: ni me nake so wannan magana ta yi mini a muƙalata?

Wannan tambayar ce ke canza ginin jimla ba tare da an yi dabara ba. Cohen yana ba da labari ne bi da bi, don haka ya fara da janyewar hukuma. Ɗalibarmu tana rubutu ne kan ko ƙabilanci gado ne ko kuwa yanayi ke ƙarfafa shi, don haka daga nan za ta fara. Ga abin da zai iya fitowa:

"Ba kullum ne zaman birni ke narkar da bambancin ƙabila ba. A binciken da ya yi a Sabo ta Ibadan, Cohen (1969) yana ganin Hausawan unguwar sun ƙara keɓe kansu ne saboda cinikin shanu da goro yana bukatar mutanen da suka yarda da juna kuma suke da shugaban da ake jin maganarsa. A fassararsa, yaɗuwar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta cike giɓin da raunin sarautar unguwar ya bari. Sai dai wannan bayani ya fi ba da ƙarfi ga amfanin ɗariƙa ga ciniki, bai ce mana komai sosai ba kan abin da su mabiyan suke ji game da ita."

A bi jimlolin nan huɗu. Ta farko ta ɗaliba ce, ita ce matsayarta. Ta biyu ta buɗe da sunan Cohen, wato ta sanar cewa an shiga gonarsa. Ta uku ta ce "a fassararsa", don kada a yi zaton an fito. Ta huɗu ta fara da "sai dai wannan bayani", alamar ɗaliba ta karɓi magana. Babu inda mai karatu zai tsaya yana tambayar wa ke magana. Wannan ya fi abin da aka saba gani, inda ake rubuta sakin layi mai jimla takwas sannan a rataya suna da shekara a can ƙarshe. Irin wannan madogara ba ta faɗi ko jimlar ƙarshe kaɗai ta rufe ko duka takwas ɗin ba, kuma in akwai tunanin ɗalibi a tsakiya, ya ba da shi kyauta ga wani.

Bayan an rubuta sai a sake buɗe littafin a gwada. Abu biyu ake nema. Na ɗaya, ko akwai inda kalmomi huɗu ko biyar suka jeru daidai da na asali, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe jimla ba da sanin mai ita ba. In an samu, ko a sake gini, ko a sa alamar zancen wani a ba da lambar shafi. Na biyu, ko ma'ana ta zame. Inda marubuci ya ce "wasu", kada a tarar an rubuta "duka". Inda ya ce "mai yiwuwa", kada ta ɓace.

Ba kowace kalma ake canzawa ba. Sabo Sabo ce, Tijjaniyya Tijjaniyya ce, shanu da goro ba su da wani suna. Haka kuma keɓaɓɓun kalmomin fanni. Peter Ekeh, a muƙalarsa ta 1975, ya ce mulkin mallaka ya bar wa Afirka fagen jama'a iri biyu: na dangi da ƙabila, inda mutum ke jin nauyin amana, da na gwamnati, inda ba ya jin wannan nauyi. Wanda zai yi amfani da wannan rabe-rabe ba zai ƙirƙiro masa sabon suna don gudun zargi ba. Zai kira shi yadda Ekeh ya kira shi, ya ce na Ekeh ne. Sake wa ra'ayin wani suna ɓoye sawu ne, ba gyaran magana ba.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne fassara. Yawancin littattafan fannin da Turanci suke, wasu da Faransanci ga ɗaliban Nijar, wasu da Larabci. Mai rubuta muƙala da Hausa yakan ɗauki sakin layi ya juya shi jimla bayan jimla, ya ga ai babu kalma ɗaya da ta yi kama da ta asali, sai ya saki jiki. Fassara ba sake tsara magana ba ce. Tunanin na mai shi ne, jerin hujjojin ma nasa ne. In an fassara kai tsaye, a sa alamar zancen wani, a ba da shafi, a kuma ce fassarar mai muƙala ce. In ba a son haka, a bi hanyar rufe littafi kamar yadda aka bayyana.

Yanzu sai yadda ake rubuta madogarar kanta. Salo biyu ɗalibin zamantakewa zai fi haɗuwa da su: na ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka, wato ASA, da na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam, wato APA, wanda sassa da yawa a jami'o'inmu ke bi. Dukansu suna sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, cikakken bayani kuma a manazarta. Bambancinsu a ƙananan alamomi yake. Lambar shafin da ke ƙasa misali ce kawai:

```
ASA: (Cohen 1969:25)
APA: (Cohen, 1969, p. 25)
```

ASA ba ta sa waƙafi bayan suna, kuma ruwa biyu take sawa kafin shafi ba tare da tazara ba. Idan sunan ya riga ya shiga cikin jimla, kamar yadda ɗalibarmu ta yi, shekara kaɗai ke shiga baka. Lambar shafi dole ce in an ɗauko kalmomin marubuci. In sake tsarawa aka yi, salon biyu ba su tilasta ba, amma shawarata a sa, muddin daga wani wuri takamaimai aka ɗauko. Littafi mai shafi ɗari biyu ba adireshi ba ne. Wanda ya ce "Cohen 1969" kawai kan wata ƙaramar magana ya bar mai karatu da lalube, shi ma kansa in aka tambaye shi ranar kare kundi ba zai gano wurin ba.

Doguwar magana da aka ɗauko kai tsaye ana ware ta a nata sakin layi, a tura ta ciki, ba tare da alamar zancen wani ba. A APA daga kalma 40 ake yin haka, a ASA daga 50. Amma muƙalar da ta cika da irin waɗannan ba ta nuna an fahimci komai. A ɗauko kalmomin marubuci ne kawai in yadda ya faɗa ɗin shi ne abin tattaunawa, kamar ma'anar da ya ba wata kalmar fanni.

A manazarta kuwa, littafin zai fito haka a salon APA bugu na bakwai, sunan littafin da rubutun gicciye:

```
Cohen, A. (1969). Custom and politics in urban Africa:
A study of Hausa migrants in Yoruba towns. Routledge & Kegan Paul.
```

ASA za ta rubuta cikakken suna, Abner, ta cire baka daga shekara, ta kuma sa garin da aka buga, London, kafin sunan maɗaba'a. Wani zai ce wannan ai ƙaƙale ne. To, akwai Ronald Cohen da ya rubuta littafi kan Kanurin Borno a 1967, akwai Stanley Cohen da ya yi suna a 1972 da nazarin yadda jaridu ke tayar da hankalin jama'a kan matasa a Birtaniya. Dukansu ana karanta su a sashe ɗaya. "Cohen ya ce" ba tare da shekara ba bai nuna kowa ba. Sunayenmu ma suna da tasu matsalar, tunda ba kowa ke da sunan iyali irin na Turawa ba. Abin da aka saba shi ne a ɗauki sunan ƙarshe kamar yadda yake a bangon littafi, ko da sunan gari ne, a bar laƙabi irin su Farfesa, Dakta, Malam da Alhaji a waje. Ba raini ba ne, ƙa'idar jerin ce.

Inda aka fi yin ha'inci ba tare da an ɗauke shi ha'inci ba shi ne ambaton littafin da ba a karanta ba. Kowane ɗalibin zamantakewa ya san Emile Durkheim ya yi nazarin kisan kai, ya ga ya fi yawa tsakanin Furotesta fiye da Katolika, ya danganta haka da ƙarfin haɗin kan al'umma. Amma kaɗan ne suka buɗe littafin nasa. Mafi yawa a littafin koyarwa na Haralambos da Holborn suka gani, ko a takardun da malami ya raba. Sai a rubuta sunan Durkheim a manazarta kamar an karanta. Wanda ya yi karatun hadisi ya san hukuncin mai ruwayar da ya tsallake wanda ya ji magana daga bakinsa, ya jingina ta kai tsaye ga na sama: an san shi da sunan da ba ya so, kuma ruwayarsa ta raunana. Dalilin ɗaya ne a nan. Littafin koyarwa taƙaitawa yake yi, yana zaɓe yana zubarwa, kuma in ya yi kuskure, ɗalibin da ya ɓoye shi ya ɗauki kuskuren ya ɗora wa Durkheim. Hanyar gaskiya a APA ita ce:

```
(Durkheim, 1897, as cited in Haralambos & Holborn, 2008)
```

Mai rubutu da Hausa zai ce "kamar yadda Haralambos da Holborn suka ruwaito". A manazarta kuma littafin da aka riƙe a hannu kaɗai ke shiga, ba na Durkheim ba.

In kuwa an karanta Durkheim ɗin, akwai batun shekara. Littafin ya fito da Faransanci a 1897, fassarar Turanci da aka fi amfani da ita ta fito a 1951. Wanda ya rubuta 1951 kawai ya sa mutumin da ya rasu a 1917 yana bincike bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa ake kawo duka biyun:

```
ASA: (Durkheim [1897] 1951)
APA: (Durkheim, 1897/1951)
```

Ba kowace magana ke bukatar madogara ba. Cewa Ibadan garin Yarabawa ne, ko Nijeriya ta samu 'yancin kai a 1960, ba sai an jingina wa kowa ba. Amma alƙaluma, da sakamakon bincike, da duk wani bayani mai cewa abu kaza ne ya jawo abu kaza, suna da mai su. Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: in wani zai iya cewa "wa ya ce?" kuma tambayar ta yi ma'ana, a sa madogara.

Saura batun na'ura. Manhajoji irin su Turnitin suna gwada rubutu da abin da ke rumbunsu, su fitar da kason kamanceceniya. Wannan kaso ba hukunci ba ne. Yana iya hawa saboda manazarta da maganganun da aka ɗauko bisa ƙa'ida, in ba a saita manhajar ta tsallake su ba. Yana iya sauka ƙasa ƙwarai a muƙalar da aka sace ra'ayinta daga farko har ƙarshe. A cikin kurakurai uku da muka gani, na farko ne kawai take da damar kamawa, shi ma sai in littafin yana rumbunta. Ɗalibin da ya zauna yana juya kalmomi har kaso ya sauko ƙasa da abin da sashensu ya ƙayyade, faci yake ƙarawa a kan faci.

Mafi yawan satar da ba a yi niyya ba a littafin ɗaukar bayani take farawa. Ana kwafe jimla a ɗakin karatu da nufin a gyara daga baya, bayan mako uku a buɗe a gan ta da rubutun hannun mai ita, a ɗauka tasa ce. Maganin shi ne a raba bayanai gida uku tun a ranar. Abin da aka kwafa kalma da kalma a sa masa alamar zancen wani da lambar shafi nan take. Abin da aka taƙaita a rubuta sunan marubuci da shafi a gefensa. Abin da ya zo wa mai karatu a ransa a sa masa wata alama daban, ko da harafin farko na sunansa ne. A saman shafin kuma a rubuta cikakken bayanin littafin kafin a mayar da shi kanta: marubuci, shekara, suna, bugu na nawa, maɗaba'a. In muƙalar mujalla ce, a ƙara sunan mujallar, kundi, fitowa da shafukan farko da na ƙarshe. Kafin a miƙa aiki, a bi muƙalar da fensir daga farko, duk sunan da aka tarar a cikin rubutu a nemo shi a manazarta a yi masa alama, a tabbatar shekarar ta zo ɗaya a wuraren biyu. Duk abin da ya rage a manazarta babu alama, ba a yi amfani da shi ba, sai a cire shi.